Shuwaka ko maganin asibiti: abin da mai ciwon suga zai auna kafin ya zaɓa

Da wuya a ce wa mutum yana da ciwon suga ya yi mako guda bai samu wanda ya ba shi shawarar shuwaka ba. Wani zai ce a murje ganyen a tace a sha kofi guda da sassafe kafin a ci komai. Wani zai ce a haɗa da garafuni, wata ta ce hulba, wani ya ce kirfa a shayi ko kuɓewa da aka jiƙa ta kwana. Duk masu ba da wannan shawara suna son mara lafiyar ne, kuma hujjarsu ɗaya ce, mai saurin shiga kai: ɗaci ke kashe zaƙi. A ɗaya ɓangaren kuma ga takardar likita, ga magani da aka ce za a sha safe da dare ba ranar dainawa, ga kuɗinsa da ke ƙaruwa. Wanda ya tsaya tsakanin waɗannan biyun yana tunani bai yi wauta ba, tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya, kuma ita nake so mu bi a hankali.

Zan kwatanta shuwaka da metfomin, domin shi ne maganin da aka fi fara bai wa mai ciwon suga nau'i na biyu, wato irin wanda ke kama manya. Sauran ganyayyakin za su shigo inda suke da abin cewa.

Mu fara da maganar ɗaci. Ɗaci abu ne da harshe ke ji, aikinsa a baki yake ƙarewa. Sugan da ke cikin jini ba ya haɗuwa da ɗacin shuwaka su kashe juna kamar yadda ake ƙara ruwa a shayin da ya yi zaƙi. Abin da ke sarrafa suga a jiki shi ne insulin, wani sinadari da fankiriyas ke fitarwa, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi. Insulin ne ke buɗe wa suga hanya ya bar jini ya shiga tsoka, kuma shi ne ke gaya wa hanta ta dakata da zuba suga cikin jini. A nau'i na biyu abu biyu ke lalacewa tare: jiki ya daina jin maganar insulin sosai, sannan fankiriyas ta gaji ta rage fitar da shi. Shi ya sa mutum zai kwana bai ci komai ba, ya tashi da asuba ya auna ya ga suga ya hau. Ba abincin jiya ne kaɗai ba, hantarsa ce ta kwana tana zuba suga ba mai tsawata mata. Babban aikin metfomin a nan yake, yana rage wannan zubar da hanta ke yi. Duk wani ganye da zai yi gogayya da shi sai ya nuna cewa yana iya irin wannan aikin a jikin ɗan Adam, da ƙarfin da ya isa, kullum.

To shuwaka tana yin wani abu? Adalci shi ne a ce akwai alamar tana yi. Masu bincike a jami'o'in Najeriya sun daɗe suna gwada ruwan ganyenta, kuma sau da yawa sun ga suga ya sauka. Amma yawancin gwaje-gwajen nan a kan ɓeraye aka yi su, waɗanda aka lalata musu fankiriyas da wani sinadari da gangan, aka ba su tataccen ruwan ganyen gwargwadon nauyinsu na 'yan makonni. Waɗanda aka yi a kan mutane ƙanana ne kuma gajeru. Babu wani babban gwaji da aka bi masu ciwon suga shekara da shekaru suna shan shuwaka a ga me ya faru da idanunsu da ƙodarsu. Wannan giɓin shi ne zuciyar maganar, domin ba don lambar da ke kan na'ura ake maganin ciwon suga ba, ana yi ne don kada a makance, kada a kai ga wankin ƙoda, kada a yanke ƙafa, kada ɓarin jiki ya shanye.

A ɓangaren metfomin an yi wannan bibiyar. A Birtaniya an ɗauki masu ciwon suga sama da dubu biyar tun daga 1977, aka bi su har 1997, aka fitar da sakamakon a 1998. A cikin masu ƙiba da aka ba metfomin, bugun zuciya da mutuwa sun ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku idan aka kwatanta da waɗanda aka fara da gyaran abinci kawai. Binciken ya kuma nuna cewa matse suga yana rage lalacewar ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda. Wanda ya ajiye metfomin ya ɗauki kofin shuwaka, abin da ya ajiye ke nan: shaida ta shekara ashirin a jikin mutane, ya karɓi shaida ta 'yan makonni a jikin ɓera.

Akwai abin da nake so masu son maganin gargajiya su sani, domin ina jin zai sanyaya musu rai. Shi kansa metfomin ɗan ganye ne. Turawa sun daɗe suna amfani da wani tsiro mai suna galega don masu yawan fitsari. Da aka bincika aka samu sinadarin da ke sauke suga a cikinsa, amma yana da guba, har dabbobin kiwo yana kashewa. Daga danginsa aka haɗa metfomin, kuma wani likita a Faris, Jean Sterne, ya gwada shi a kan masu ciwon suga a 1957. Saboda haka rigimar ba tsakanin ganye da magani take ba. Bambancin shi ne an ware abin da ke aiki, an auna shi, an san iyakarsa. Ba mamaki wata rana a fitar da magani daga shuwaka ta wannan hanyar, kuma zan yi murna da hakan. Amma ranar ba ta zo ba, mara lafiya kuwa yau yake buƙatar magani.

Maganar awo kuwa ta fi yadda ake ɗaukarta girma. Ƙwayar metfomin mai miligiram 500 ta yau daidai take da ta gobe. Likita kan fara da guda ɗaya tare da abinci, ya ƙara a hankali mako bayan mako har zuwa miligiram 1000 sau biyu a rana idan da buƙata, kuma ya san kusan nawa zai sauke. Kofin shuwaka fa? Ganyen damina daban da na rani, sabon toho daban da tsohon ganye, wanda aka shanya daban da ɗanye. Mai yin miya tana murje ganyen ta wanke shi sau da yawa har ɗacin ya tafi, kuma da yawa daga sinadaran suna tafiya da ruwan wankin. Mai shan ruwan kuma yau ya murji dunƙule guda, gobe biyu. Ba wanda ya san nawa ya sha, har shi kansa. Idan suga ya ƙi sauka ba a san ko ƙarawa za a yi ba, idan jiri ya kama shi ba a san nawa za a rage ba.

Bari mu bi mutum guda mu ga yadda abin ke kasancewa. Misali ne na tsara, amma duk wanda ya zauna da masu ciwon suga zai gane shi.

Ɗan kasuwa ne mai shekara hamsin da biyu, yana wuni a zaune a shago, yana da tumbi. Wata uku yana tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare, ƙishirwa ba ta barinsa, ya rame, matarsa ta lura tururuwa na taruwa a inda ya yi fitsari. Aka auna shi da safe bai ci komai ba, na'ura ta nuna 13.2 mmol/L. Iyakar da ake cewa mutum yana da ciwon suga ita ce 7.0. Wasu na'urorin da mg/dL suke ƙirga, a can iyakar 126 ce, kuma ana ninka lambar farko sau 18 a samu ta biyu, nasa ya kama kusan 238 ke nan. A Nijar an fi rubuta shi da giram a lita, iyakar 1.26. Aka kuma yi masa gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku da suka wuce, ya fito 10.2 cikin ɗari. Daga 6.5 ake kiran abin ciwon suga, kuma ga yawancin manya ana son a riƙe shi ƙasa da 7.

Aka ɗora shi a kan metfomin. Makon farko cikinsa ya yi ta ƙugi, ya yi gudawa kwana biyu, abin da ke faruwa da mutane da dama kuma yakan lafa idan ana sha a tsakiyar cin abinci aka kuma ƙara a hankali. Tsoro ya sa ya bar lemon kwalba, ya daina zuba suga a koko da fura, ya rage malmalar tuwo daga biyu zuwa ɗaya, ya fara takawa zuwa masallaci mai ɗan nisa. A daidai wannan lokacin wani abokinsa ya kawo masa shuwaka, ya fara shan kofi guda kowace safiya. Bayan wata uku sugan safe ya dawo 7.6, HbA1c ya sauka zuwa 7.8. Fitsarin dare ya tsaya, ƙarfi ya dawo, tururuwa ta watse.

A nan ne ake yin kuskuren. Abu uku ya canza a lokaci guda, magani da abinci da shuwaka, amma wanda ya fi ji a bakinsa kowace safiya shi ne mai ɗacin, shi ya samu yabon. Abokin ya ce masa, "Alhaji, ai ka warke. Maganin asibiti danne ciwo yake yi, shuwaka ce ke fitar da shi." Da katin maganin ya ƙare bai sayi wani ba.

Sati biyun farko ba abin da ya faru, wannan kuma ya ƙara masa yaƙini. Dalilin shi ne idan suga ya daɗe a sama yana ƙara gajiyar da fankiriyas, idan aka sauke shi sai ta ɗan farfaɗo ta yi aiki na wani lokaci. Ga shi kuma har yanzu yana kiyaye abinci. Amma hanta ta koma halinta sannu a hankali. A wata na biyu sugan safe ya kai 9.5. Bai sani ba, domin ya daina aunawa, tsinken gwaji na da tsada kuma yana jin garau.

Dole in tsaya a kan wannan jin garau ɗin, domin shi ne ya fi yaudarar mutane. Hausawa na cewa jiki magayi, amma a ciwon suga jiki yakan yi shiru. Ƙoda ba ta fara zubar da suga cikin fitsari sai ya wuce kusan 10 mmol/L a jini. Yawan fitsari da ƙishirwa da tururuwa duk daga wannan zubarwar suke. Ma'ana mutum zai iya zama a kan 8 ko 9 shekara da shekaru, ba fitsarin dare, ba ƙishirwa, ba tururuwa, alhali wannan adadin ya isa ya riƙa cin jijiyoyin bayan ido da matatun ƙoda da jijiyoyin tafin ƙafa. Idan har shuwaka ta ɗan sauke suga daga 11 zuwa 10, abin da ta yi shi ne ta kashe ƙararrawar ta bar gobarar. Duk wanda ya ce maka ya warke saboda tururuwa ta daina bin fitsarinsa, ka roƙe shi ya je a yi masa HbA1c.

Mutuminmu ya koma asibiti bayan wata takwas, ba don suga ba, don wani ciwo a ɗan yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa. Sabon takalmi ne ya goge shi bai ji ba, saboda tafin ƙafar ya fara dushewa. HbA1c ya koma 10.6. Yanzu metfomin kaɗai bai isa ba, sai da aka ƙara masa magani na biyu, ga kuɗin wankin ciwo da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ciwon suga nau'i na biyu tafiya yake yi gaba. A lokacin da aka gano shi, fankiriyas ta riga ta rasa kusan rabin ƙarfinta, kuma watannin da aka bar suga a sama ba sa dawowa.

Da ya tsaya a kan maganinsa ya ci gaba da cin miyar shuwaka, da labarin ya bambanta. Wannan shi ne zaɓi na uku, kuma shi nake ganin ya fi dacewa da yawancin mutane: magani a matsayin magani, ganye a matsayin abinci. Miyar shuwaka, kwaɗon zogale da ba a cika masa ƙuli-ƙuli da suga ba, rama, alayyafo, yakuwa, kuɓewa, duk abinci ne mai kyau ga mai ciwon suga. Suna cika ciki, suna sa a rage tuwo da shinkafa, kuma suna jinkirta shigar suga cikin jini bayan cin abinci. Idan rabin kwano ganye ne, sugan bayan awa biyu zai nuna bambanci. Wannan amfani ne na gaske, amma amfanin abinci ne, kuma ba ya buƙatar a sha ɗaci da asuba.

Haɗa tataccen ruwan ganye da magani kuwa wani abu ne daban, kuma haɗarinsa ya danganta da irin maganin da mutum ke sha. Metfomin shi kaɗai da wuya ya sauke suga ƙasa da ƙima. Amma akwai magunguna irin su gilbenkilamaid da gilmefiraid masu matsa wa fankiriyas ta fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, ga kuma allurar insulin kanta. Mai shan waɗannan idan ya ɗora jiƙo mai ƙarfi a kan cikin da ba komai, musamman tsoho ko mai raunin ƙoda ko mai azumi, suga na iya faɗuwa ƙasa da 3.9 mmol/L, wato 70 mg/dL. Alamunsa su ne zufa mai sanyi, karkarwa, bugawar ƙirji, yunwa mai tsanani, ruɗewar magana, wani har ya yi kamar mai aljanu. Idan yana iya haɗiya, a jiƙa masa cokalin shayi uku zuwa huɗu na suga a ruwa ya sha, a sake aunawa bayan minti goma sha biyar, sannan ya ci abinci. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kai shi asibiti. Wanda faɗuwar sugansa ta gilbenkilamaid ce ya je asibiti ko da ya farfaɗo, domin maganin yana daɗewa a jiki kuma sugan na iya sake faɗuwa.

Sauran ganyayyakin ba duka suke a mataki ɗaya ba. Hulba ce ta fi su shaida a jikin mutane: 'ya'yanta na da yauƙin da ke jinkirta narkewar abinci, kuma gwaje-gwaje da dama sun nuna tana ɗan sauke suga idan ana cin adadi mai ɗan yawa kullum. Ƙari ce a kan magani, ba ta kai ta tsaya a madadinsa ba, kuma mai ciki da mai shan maganin tsinka jini su nisance ta da yawa. Kirfa an gwada ta sau da yawa, sakamakon ya yi ta cin karo da juna, kuma irin wadda ta fi yawa a kasuwa tana da wani sinadari da ke wahalar da hanta idan ana shan cokali-cokali kullum na tsawon lokaci. Ɗan'uwan garafuni da ake ci a Indiya da Sin an gwada shi a kan mutane, shaidar ba ta isa a dogara da ita ba. Ruwan kuɓewa kuwa, wani gwaji a kan ɓeraye ya nuna yauƙinta na hana metfomin shiga jini yadda ya kamata, don haka hankali shi ne kada a kora maganin da shi. Darbejiya da sassaƙen maɗaci ban ga dalilin da zai sa mai ciwon suga ya riƙa shan su kullum ba. Ƙodarsa ta riga tana cikin haɗari, ba ta buƙatar ƙarin kaya da ba a san nauyinsa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba ganyen da mutum ya tsinko a bayan gida ba ne, shi aƙalla ya san abin da ya murje. Garin magani da jarkokin da ake tallatawa da lasifika ko a rediyo, masu alƙawarin kawar da suga cikin kwana arba'in, su ne matsalar. A wasu ƙasashen Asiya an sha kama irin waɗannan haɗe-haɗen an zuba musu gilbenkilamaid a ɓoye, har an rasa rayuka. Idan maganin gargajiya ya sauke maka suga da ƙarfi cikin 'yan awoyi har ka yi zufa, wannan dalilin zargi ne. Lambar hukumar NAFDAC da ke jikin maganin gargajiya kuma ba shaidar yana warkarwa ba ce. Irin rajistar da ake fara ba su tana nufin an duba ba a ga guba a fili ba, shi ya sa za ka ga an rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Akwai waɗanda a wurinsu babu ma maganar zaɓi. Na farko shi ne mai nau'i na ɗaya, yawanci yaro ko matashi, wanda fankiriyas ɗinsa ta daina fitar da insulin gaba ɗaya. Babu ganye a duniya da ke maye gurbin insulin, kuma metfomin ma ba ya yi. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu allurarsa a Janairun 1922, duk yaron da ciwon ya kama mutuwa yake yi cikin watanni ko 'yan shekaru, alhali kowace al'umma tana da ganyayyakinta masu ɗaci. Yaron da aka dakatar wa allura don a gwada jiƙo zai iya shiga mawuyacin hali cikin kwana ɗaya ko biyu: amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, baki na warin 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, sai barci mai nauyi. Ina roƙon iyaye da kakanni, don Allah kada a gwada wannan ko na yini guda. Haka mai ciki da suga ya hau mata, haka wanda ƙodarsa ta fara rauni, haka mai gyambo a ƙafa, wanda bai kamata a barbaɗa masa gari ko a ɗaura masa ganye ba. Haka kuma duk wanda na'ura ta rubuta masa HI, wato sugan ya wuce abin da take iya ƙirgawa. Wannan asibiti zai nufa a ranar.

Maganar kuɗi ita ce hujja mafi ƙarfi da masu barin magani suke da ita, kuma ba zan raina ta ba. Tun faɗuwar darajar naira a 2023 magunguna sun yi tsada, insulin da tsinken gwaji sun fi ƙarfin gidaje da yawa, shuwaka kuwa a bayan ɗaki take. Amma kafin a yanke hukunci a san cewa metfomin yana cikin magungunan suga mafi araha, kuma kamfanoni da yawa ke yin sa. Sau da yawa mai sunan da aka fi sani ne ke da tsada, alhali akwai wani mai rajista, sinadari ɗaya, a farashi mai sauƙi. A tambayi likita ko mai kemis da sunan sinadarin. A gaya wa likita gaskiya cewa aljihu ba zai ɗauki abin da ya rubuta ba, domin akwai tsofaffin magunguna masu araha da zai iya komawa kansu. Idan tsinken gwaji ya yi wuya, mai shan metfomin kaɗai ba sai ya auna kullum ba, sau biyu a mako a lokuta daban-daban da HbA1c duk wata uku zuwa shida sun fi babu nesa ba kusa ba. Sai dai mai sikila ko mai ƙarancin jini ya faɗa wa likita, domin HbA1c na iya ba da lambar da ba daidai ba a jikinsa. Kuɗin maganin shekara guda kuma bai kai na wankin ƙoda na 'yan makonni ba, wanda ake yi sau biyu ko uku a kowane mako.

Metfomin ma ba tsarkakakke ba ne. Ban da damun ciki, shan sa na shekaru na iya rage bitamin B12, kuma ba a ba wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai, shi ya sa ake gwajin ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara. Ana kuma dakatar da shi na ɗan lokaci idan amai da gudawa suka tsananta har jiki ya bushe. Amma jita-jitar cewa shi ke kashe ƙoda juya zance ne. Suga da hawan jini ne ke kashe ta, kuma ana cire maganin ne idan ƙodar ta riga ta gaza fitar da shi. Illolinsa an san su, an san yadda ake gano su. Na kofin shuwaka kullum na shekara goma ba wanda ya auna.

Saura tambayar da ke ƙasan duk wannan, wadda ke tura mutane wurin mai ganye tun farko: shin ba a rabuwa da magani ke nan har abada? Ga wasu ana rabuwa, amma hanyar ba ta cikin kofi take ba. Wani gwaji a Birtaniya da aka fitar a 2017 ya ɗauki masu ƙiba waɗanda ciwon bai wuce shekara shida a jikinsu ba, aka sa su tsarin rage nauyi mai tsanani a ƙarƙashin kulawa. Bayan shekara guda kusan rabinsu sugansu ya dawo ƙasa da iyaka ba tare da magani ba, kuma a cikin waɗanda suka zubar da kilo goma sha biyar ko fiye, sama da takwas cikin goma ne suka samu hakan. Likitoci ba sa kiran wannan warkewa, lafawa ce, domin idan nauyin ya dawo ciwon na dawowa. Kuma bai shafi siririn mutum ba, ga shi masu ciwon suga da yawa a ƙasar Hausa ba su da ƙibar da za su zubar.

Wanda duk da haka yake son ya san ko shuwaka na yi masa wani abu, akwai hanyar da ba za ta cutar da shi ba. Ya fara gaya wa likitansa, kada ya ɓoye don tsoron faɗa. Kada ya taɓa maganinsa, kada ya canza abincinsa. Ya auna sugan safe da na awa biyu bayan abincin rana na tsawon mako biyu ya rubuta a littafi, sannan ya ƙara shuwakar a adadi ɗaya kullum na wasu mako biyun, ya ci gaba da rubutawa. Abu ɗaya kawai ya canza, don haka duk bambancin da ya gani ya san daga ina yake. Abin da ake nema shi ne sugan safe tsakanin 4.4 da 7.2, na bayan abinci ƙasa da 10. Mai allurar insulin ko mai shan gilbenkilamaid kada ya yi wannan gwajin sai likita ya amince, kuma ya ajiye suga a aljihu. Idan lambobin sun sauka, ya kai littafin asibiti a ranar ganin likita, a can ne za a duba ko akwai abin da za a rage.